Farashi Uku a Takarda Ɗaya: Yadda Ake Gina Rukunin Tsakiya

Duk wanda ya taɓa sayar da aikin hannunsa ya san wannan tambayar: "Nawa kuke yi?" Mai ɗaukar hoton biki yana jin ta, mai kwalliyar amare tana jin ta, haka mai girkin taro da mai haɗa wutar sola. In ka faɗi farashi ɗaya, abin da ya rage wa mai tambaya shi ne ya ce to, ko ya ce zai yi shawara, kuma kowa ya san "zan yi shawara" sau da yawa sallama ce. In kuwa ka miƙa masa takarda mai rukuni uku, ƙarami da matsakaici da babba, sai tunaninsa ya koma kan wanne zai ɗauka. Wanda bai da tabbacin abin da yake so, galibi a tsakiya yake sauka.

An gwada wannan a bincike. A 1992 wasu masana biyu a Amurka, Itamar Simonson da Amos Tversky, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da kyamarorin kamfanin Minolta. Suka nuna wa rukunin mutane na farko kyamara biyu, ɗaya ta kusan dala 170, ɗaya ta kusan dala 240. Mutane suka rabu biyu daidai, rabi nan rabi can. Rukuni na biyu aka nuna musu waɗannan biyun, aka ƙara ta uku mai kusan dala 470. Sai kashi 57 cikin ɗari suka zaɓi ta dala 240, kashi 22 suka tsaya a mai araha, kashi 21 suka tafi ga mai tsada. Babu abin da aka canza a jikin kyamarar dala 240. Da farko ita ce "mai tsadar", daga baya ta zama "ta tsakiya", kuma wannan kaɗai ya rage masu sayen mai araha daga rabi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga Bahaushe. Mun ce araha ba ta ado, don haka mai saye yana tsoron ƙaramin rukuni kada ya yi da-na-sani. Yana kuma tsoron babban, kada a ce ya yi almubazzaranci. Tun a 1989 Simonson ya nuna cewa wannan karkata zuwa tsakiya tana ƙara ƙarfi idan mutum ya san zai yi wa wasu bayanin zaɓinsa. Ka duba ango da ke neman mai hoto. Zai koma ya faɗa wa amarya, wataƙila da yayarsa da ke riƙe da kuɗin biki. "Na ɗauki na tsakiya" magana ce da ba ta jawo gardama a gida.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara da ƙaramin rukuni, ya yi ta ɗora kaya a kai har ya kai uku. Daga tsakiya ake fara gini. Ka zauna ka tuna abokan cinikinka ashirin na baya, ka rubuta abin da yawancinsu suka nema da bakinsu. Wannan jerin shi ne rukunin tsakiya, sauran biyun kuma daga gare shi za a yanke su.

Bari mu ɗauki misalin mai ɗaukar hoton biki a Kano, da alƙaluman da na ƙaddara don lissafi ya fito fili. Kowa sai ya sa nasa. A ce yawancin masu zuwa wurinsa suna son a ɗauki kamu da ranar ɗaurin aure, a ba su albam, da ɗan gajeren bidiyon da za su tura wa 'yan uwa a waya. Sai ya lissafa abin da wannan ke ci masa: mataimaki na kwana biyu naira 40,000, mota da mai 20,000, gyaran hotuna da bidiyo 35,000, buga albam 35,000, sannan 10,000 da yake warewa saboda lalacewar kayan aiki, don kyamara da batir da fitila ba sa dawwama. Jimla 140,000. Yana son ladan kwana biyunsa da ƙwarewarsa ya kai 100,000, don haka farashin tsakiya ya zama 240,000. Wannan adadin ne ginshiƙi, kuma dole ya zama wanda zai yi farin cikin sayarwa sau goma a jere.

Ƙaramin rukuni shi ne ya fi buƙatar hankali. Ana samar da shi ta hanyar cire abu ɗaya ko biyu da mutane ke ji a ransu, ba tare da lalata ingancin aikin ba. Mai hotonmu zai ce: rana ɗaya, hotuna sittin da aka gyara, a tura ta waya, babu albam, babu bidiyo. Hotunan suna da kyau kamar na kowa, abin da aka rage shi ne yawa. Kuɗin da yake kashewa a nan ba ya raguwa sosai, domin dole ya fita, ya biya mataimaki, ya zauna gyara, kuma ranar ta tafi ba zai sayar wa wani ba. A ce 90,000 ne. Sai ya sa farashi 150,000, riba 60,000. Yanzu mai saye na kallon takarda yana lissafi: in na ƙara 90,000 zan samu rana ta biyu, da albam, da bidiyo. Ƙarin ya yi masa kama da ciniki mai kyau, kuma gaskiya ciniki mai kyau ne.

Da zai bar albam a cikin ƙaramin rukunin, da ya kashe na tsakiya da hannunsa. Abin da mutane suka fi so a ransu shi ne gadar da ke ƙetarar da su, don haka a rukunin tsakiya ake fara ganinsa.

Babban rukuni kuwa tazararsa ta fi faɗi. Duk shagulgulan biki daga kamu har buɗar kai, masu ɗauka biyu, cikakken bidiyo, albam babba da ƙanana biyu na iyaye, da hoto mai firam. A ce yana cin 270,000, a sayar 450,000, riba 180,000. Daga ƙarami zuwa tsakiya tazarar 90,000 ce, daga tsakiya zuwa babba 210,000. In ka koma kan kyamarorin nan za ka ga siffa ɗaya: mataki na farko gajere, na biyu dogo, babban ya kusa ninka na tsakiya. Aikin babban rukuni biyu ne. Yana sa 240,000 ta zama adadi mai sauƙin haɗiya, yana kuma jiran mai hali da ke son komai da komai, domin akwai su, kuma iya kuɗinka iya shagalinka.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Akwai masu koyar da cewa a ƙirƙiri rukunin da ba a nufin kowa ya saya, a ajiye shi kawai don ya tura mutane inda ake so. Sukan kawo misalin da Dan Ariely ya yaɗa a littafinsa na 2008, na tallar mujallar The Economist: karatu ta intanet dala 59, bugun takarda dala 125, biyun a haɗe su ma dala 125. Babu mai hankalin da zai ɗauki bugun takarda shi kaɗai, amma kasancewarsa a jerin ta sa ɗalibai 84 cikin 100 da ya gwada suka zaɓi haɗin. Da ya cire shi sai suka koma 32. Dabarar ta yi aiki a wannan gwajin, amma ban ba mai sana'a shawarar ya bi ta ba. Kasuwarmu ta sanayya ce. Amaryar bana ƙanwarta ce amaryar baɗi, kuma ranar da wani ya nuna yatsa a kan babban rukunin nan ya ce shi yake so, dole ka iya cika shi yadda ka rubuta, da kayan aiki da mutane. Kada ka rubuta abin da ba za ka iya yi ba, kada kuma ka sa ƙaramin rukuni ya zama na wulaƙanci, domin mai ƙaramin ƙarfi ma zai nuna wa mutane hotunansa da sunanka a kai.

Yadda aka jera takardar ma yana da tasiri. Rukunan su tsaya gefe da gefe, layuka huɗu ko biyar iri ɗaya a kowanne: kwana nawa, hoto nawa, albam, bidiyo, ranar karɓa. In layukan suka yi yawa, ko kowane rukuni ya zo da nasa salon bayani, mai saye ba zai iya kwatantawa ba, kuma wanda ya ruɗe farashi kawai yake dubawa, ya ɗauki mafi araha. In da baki ake magana, fara da babban ka sauko. Kana iya cewa "wannan ne yawancin mutane ke ɗauka", amma sai in da gaske hakan ne.

Sai kuma maganar tayi, wadda littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba. Mai saye zai dubi takarda ya ce, "Haba maigida, ka bar mini na tsakiyan nan a ɗari da tamanin mana." In ka sallama sau ɗaya, labari zai zaga, rukunan uku su rushe su koma farashi ɗaya da ake ja. Amsar da ke tsare tsarin ita ce ragi ya tafi tare da cire wani abu: "Alhaji, in a ɗari biyu ne zan yi, amma ba albam, in Allah ya hore daga baya sai mu buga." Ya samu sauƙi, kai kuma ka cire 35,000 daga kashe-kashenka, ribarka ta ragu da 5,000 kacal.

Ta yaya za ka san ginin ya zauna? Da ƙirga. Riƙe littafi, ka rubuta abin da kowa ya zaɓa. A cikin mutum goma, in biyu suka ɗauki ƙarami, shida tsakiya, biyu babba, ribar mai hotonmu 1,080,000 ce. In kuwa shida suka ɗauki ƙarami, uku tsakiya, ɗaya babba, ta sauka zuwa 840,000, bambancin 240,000 a bukukuwa goma. Yawan masu ɗaukar ƙarami yana nuna ɗayan biyu: ko ka cika shi da kaya, ko tazarar zuwa tsakiya ta yi nisa. In babu wanda ya taɓa babban a cikin mutum ashirin, ko ya wuce hankali ko abin da ke cikinsa ba wanda mutane ke so ba ne, kuma farashin da aka ɗauka wasa ne ba ya ɗaga darajar na kusa da shi. In kuma mutane suna ta rububin babban, to farashinka duka sun yi ƙasa, ɗaga su gaba ɗaya.

Tsarin yana da iyaka. Wanda ya zo da naira 150,000 a aljihu, ba shi da ko sisi a kai, babu jerin da zai motsa shi, kuma bai kamata a matsa masa ba. Wanda ya san sana'ar, kamar mai shirya bukukuwa da ke ɗaukar masu hoto duk mako, ya riga ya san abin da yake so da abin da ya dace ya biya, shi sai a zauna a yi masa lissafi na musamman. Sannan da yadda kuɗin mai da na buga albam ke tashi, 140,000 ɗin da aka gina komai a kansa ba ya zama wuri ɗaya. Duk wata uku a sake lissafa shi, in ya motsa a motsa farashin ukun tare, don tazarar da ke tsakaninsu ta ci gaba da zama yadda aka tsara ta.