Saƙon Neman 'Yan Sa Kai: Layi Goma da Ke Riƙe Aikin Wata Huɗu

Da zarar ruwan sama ya zauna a ƙasar Hausa, wayoyin mutanen unguwa sukan fara karɓar wani irin saƙo: “Ana neman matasa masu kishin al'umma domin aikin lafiya. Mai sha'awa ya hanzarta.” Daga nan saƙon ya ƙare. Bai faɗi rana ba, bai faɗi lokaci ba, bai faɗi wa za a nema ba. Washegari sai a ga mutum hamsin sun yi cincirindo a ƙofar asibitin mazaɓa, wasu da takardun makaranta a hannu suna zaton gwamnati ce ke ɗaukar aiki, matan da aka fi buƙata kuwa suna gida, don babu abin da za su nuna wa mazajensu su nemi izini.

Aikin da ya fi nuna illar irin wannan saƙo shi ne rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012 domin yankunan Sahel, inda cutar ke taruwa cikin 'yan watannin ruwa. A 2013 aka fara shi a wasu ƙananan hukumomin jihar Katsina, aka kuma fara a wasu gundumomin kudancin Nijar, irin su Magariya da Madawa. Yaran da ake ba wa su ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, wato waɗanda ba su cika shekara biyar ba. Maganin haɗin biyu ne: wanda mutane suka sani da fansida, da kuma amodiyakwin. Ana zagayowa da shi duk bayan kwana 28, yawanci sau huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, a wuraren da damina ke tsawo kuma har sau biyar. Kariyar kowane zagaye ba ta wuce kusan wata guda, shi ya sa yaron da aka tsallake a Satumba yake zama a buɗe daidai lokacin da sauro ya fi yawa.

Ke nan wanda ya karɓi wannan aiki alkawarin wata huɗu ya ɗauka. Saƙon da bai gaya masa haka tun farko ba ya riga ya shirya guduwarsa.

Kafin a rubuta ko harafi ɗaya, mai kula da aikin zai zauna ya yi lissafi. A ɗauka mazaɓa ce mai mutum 12,000. A ƙiyasin da ma'aikatan lafiya suka saba amfani da shi, kusan ɗaya cikin biyar na jama'a yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, wato wajen 2,400. Masu rabo bibbiyu suke tafiya, ɗaya na ba da magani ɗaya na rubutu. In aka ɗauka kowane biyu za su kai ga yara 60 a wuni, cikin kwana huɗu na zagaye sun kai 240. Ana buƙatar rukuni goma ke nan, mutum ashirin, sai a ƙara huɗu ko biyar na ko-ta-kwana saboda haihuwa da rashin lafiya da tafiya. A ƙauyukan da gidaje ke warwatse, ko inda rafi ke cika ya raba gari biyu, adadin yaran da za a iya kaiwa a wuni zai ragu, masu rabon kuma su ƙaru. Wannan lissafi shi ke ba mai rubutu ƙarfin halin cewa “mutum 24 ake nema” maimakon “ana neman mutane”.

Ga misalin yadda saƙon irin wannan mazaɓa zai iya kasancewa:

“Assalamu alaikum. Asibitin mazaɓarmu na neman mutum 24, aƙalla 12 mata, domin rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara gida-gida. Aikin kwana huɗu ne a jere kowane wata, Yuli zuwa Oktoba, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, sai kai rahoto asibiti. Akwai horon kwana biyu kafin a fara, kuma dole ne. Za ku ba yara magani, ku cike kati, ku tura mai zazzaɓi asibiti. Babu allura. Sharaɗi: shekara 18 zuwa sama, zama a mazaɓar, iya karatu da rubutu. Aikin sa kai ne, ba ɗaukar aikin gwamnati ba. Akwai alawus na kowane zagaye. Ba a biyan ko sisi don shiga. A ga shugabar asibitin daga ƙarfe 9 zuwa 12, Litinin zuwa Alhamis, kafin 15 ga Yuni.”

A saƙo na gaske, bayan wannan sai a sa cikakken sunan shugabar da lambarta, a kuma faɗi adadin alawus ɗin in an riga an tabbatar da shi.

Batun lokaci shi ne inda masu rubutu suka fi yin kwana-kwana, don suna tsoron gaskiya ta kori mutane. Amma damina lokacin noma ce. Saurayin da ya amsa kira cikin Yuni yana da gonar da za a yi wa noman farko da maimai, a Satumba kuma ga girbin gero. Matar aure na da girki da yara, wataƙila da makarantar Islamiyya da yamma. In aka rubuta “ɗan lokaci kaɗan” alhali awa shida ne ana tafiyar ƙasa cikin taɓo, zagayen farko za su daure, na biyu su fara zuwa a makare, na uku a nemi rabinsu a rasa. Gara a haɗa musu jimillar: kwana biyu na horo da kwana goma sha shida na rabo, kwana goma sha takwas ke nan. Wanda ya ga ba zai iya ba ya janye tun ba a kashe kuɗin horar da shi ba. Haka kuma in zagayen zai faɗa kan Juma'a ko ranar kasuwar garin, a faɗi yadda za a yi, domin ranar kasuwa iyaye mata da yawa ba sa gida.

Akwai ma abin da ba a cika lura da shi ba: awannin aiki ba sa ƙarewa a gida na ƙarshe. Sai an koma asibiti an ƙirga maganin da ya rage, an daidaita shi da abin da ke takardar ƙidaya, sannan a tashi. Shi ya sa misalin da ke sama ya ce “sai kai rahoto asibiti”. Kalmomi huɗu ne, amma suna kashe gardamar da kan tashi kowace yamma.

Sai bayanin aikin kansa. “Wayar da kan jama'a” ba bayani ba ne, kowa da abin da zai fahimta. Abin da mai rabo ke yi a zahiri yana da tsari. Za ta yi sallama ta shiga, ta tambayi shekarun kowane yaro, domin maganin 'yan wata 3 zuwa 11 daban yake da na 'yan shekara ɗaya zuwa sama. Za ta tambaya ko yaron na da zazzaɓi; in yana da shi, ba za a ba shi ba sai an tura shi asibiti an gwada jininsa. Za ta tambaya ko yana shan seftirin, ko jikinsa ya taɓa ƙin irin wannan magani, domin waɗannan ma ba a ba su. A gabanta za a jiƙa maganin ranar farko cikin ruwa kaɗan yaro ya sha, in ya amayar cikin minti talatin a sake ba shi sau ɗaya. Sannan ta bar wa uwa ƙwayoyin amodiyakwin biyu, na gobe da na jibi, ta cike kati, a yi wa ƙofar gida alama da alli. Gajeren saƙo ba zai ɗauki duk wannan ba, kuma ba a so ya ɗauka. Aikin horo ne. Abin da ake so ya ɗauka shi ne aikatau uku ko huɗu da mutum zai gani a idon zuciyarsa: ba da magani, cike kati, tura maras lafiya. Jimlar “babu allura” tana da amfani biyu: tana kwantar da hankalin wadda ke ganin aikin ya fi ƙarfinta, tana kuma shata iyaka ga wanda zai so ya mai da kansa likitan unguwa.

Ambaton mata ma ba ado ba ne. A gidajen da aka rubuta “ba shiga” a zaure, namiji iyakarsa ƙofa, sai dai a miƙo masa yara ko ya miƙa magani ta hannun wani, kuma da zarar an yi haka babu wanda ya shaida yaro ya sha. Rukunin da babu mace a ciki rabin aiki yake yi. Saboda haka saƙon na da masu karatu biyu: matar da ake nema, da mijinta ko mahaifinta da zai ce je ki. Shi abin da zai duba shi ne yaushe za ta fita, yaushe za ta dawo, a wace unguwa, ƙarƙashin wa.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta kawo batun wanda za a tuntuɓa. Mutum ɗaya ake so, da sunansa da muƙaminsa da inda yake zama da lokacin da ake samunsa. Lamba tsirara babu suna ta yi kama da saƙonnin 'yan damfara da ke yawo da sunan ɗaukar aikin ƙungiyoyin agaji, waɗanda ƙarshensu a ce a tura kuɗin fom. Hanya mafi sauƙi da mai karatu zai bambanta su ita ce ya duba ko saƙon ya nuna wurin da zai iya takawa da ƙafarsa ya tambaya, kamar asibitin mazaɓa ko ƙofar mai unguwa. Lambobi biyar kuma nasu laifin daban: kowa ya rubuta nasa jerin sunaye, ranar horo a tarar da mutum sittin kowanne an yi masa alkawari. Ranar rufewa ita ma ta zama kwanan wata sosai, don saƙon waya ba ya mutuwa. Wanda aka rubuta “kafin Alhamis” a kai zai ci gaba da yawo har baɗi.

Maganar alawus ita ce mai zafi, kuma ɓoye ta bai taɓa sanyaya ta ba. A ayyuka da yawa ta asusun banki ake biya, bayan an kammala zagaye, wani lokaci da jinkiri. In haka ne a faɗa, a kuma gaya wa mutane su zo da lambar asusun da ke ɗauke da sunansu, domin asusun miji ko na wa yakan sa biya ya maƙale.

Saƙo ɗaya ne, amma hanyoyinsa da yawa. A WhatsApp gara a haɗa rubutu da saƙon murya, saboda masu jin Hausa da ba sa karanta boko. A saƙon tes kuwa akwai ɗan tarko: shafi ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin turawa ya ninka, saƙon kuma ya iya isa ƙaramar waya a gutsure. Ga wannan hanya sai a taƙaita zuwa adadi da ranaku da wurin zuwa. Sauran bayanin liman ya karanta shi bayan sallar Magariba, mai shela ya zaga da shi, malamar Islamiyya ta faɗa wa ɗalibanta, kowannensu daga takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun shugabar asibiti da na mai unguwa, wadda za a manna kwafinta a bangon asibitin har ranar 15 ga Yuni.