Jira wutsiyar jimla: yadda Bajamushe ke ba da umarni

A Hausa, idan za ka kira yaro sai ka ce "zo". Idan yara ne da yawa, "ku zo". Idan kuma dattijo ne, ko da shi kaɗai ne, nan ma "ku" ɗin za ka ɗauko don girmamawa. To, a nan Bahaushe mai koyon Jamusanci yake fara tuntuɓe, domin aikin da "ku" ɗinmu ke yi, Jamusawa sun raba shi gida biyu. Suna da ihr ta taron waɗanda ka saba da su, suna kuma da Sie ta girmamawa, wadda ake faɗa wa baƙo, likita, malami ko ma'aikacin ofis, mutum ɗaya ne ko goma. Ta ukun ita ce du, ta aboki, ɗan'uwa da yaro, kuma ba ruwanta da "ka" ko "ki", mace da namiji duk ɗaya ne.

Umarnin Sie ya fi sauƙi. Ka ɗauki aikatau yadda yake a ƙamus, ka sa Sie a bayansa: Kommen Sie! Sie ɗin nan ba a yar da ita. Na ihr kuwa yar da wakilin sunan ake yi: ihr kommt, "kuna zuwa", ya koma Kommt! Wanda ya ce wa dattijuwar maƙwabciyarsa Kommt! yana ganin ya girmama ta, sai ta waiga ta ga ko da wasu a bayanta.

Wahalar tana wajen du. Ana farawa daga du kommst, a cire du, a cire -st, a bar Komm! kawai. Aikatau da wasalinsu ke sauyawa daga e zuwa i suna riƙe sauyin: geben, "bayarwa", yana ba da du gibst, don haka umarninsa Gib! ne. Haka nehmen ke ba da Nimm!, lesen kuma Lies! Amma masu sauya a zuwa ä suna zubar da ɗigon nan biyu: du fährst, sai dai umarnin Fahr! ne. Idan saiwar kalma ta ƙare da t ko d, ana barin e a ƙarshe don harshe ya samu wurin sauka, kamar Warte!, "jira". Shi ko sein, "kasancewa", haddace shi kawai ake yi: Sei, Seid, Seien Sie.

Sai aikatau masu rabuwa, waɗanda a ganina su ne suka fi cancantar ɓata lokaci. Kalmar zumachen tana nufin rufewa, aufmachen kuma buɗewa. Kowacce guda ɗaya ce a ƙamus, amma a umarni sai ta tsinke biyu: gangar jiki ta zo farko, ɗan guntun da ke gaba ya tafi can ƙarshen jimla.

A ce uwa tana son ɗanta ya rufe taga. Za ta fara da du machst, ta cire du da -st, ya zama Mach. Sai abin da za a rufe, das Fenster. Sai zu ta rufe jimlar: Mach das Fenster zu! Idan yaran biyu ne, Macht das Fenster zu! Idan fasinja ne yake roƙon wani baƙo, Machen Sie bitte das Fenster zu! Komai yawan kalmomin da aka cusa a tsakiya, zu tana nan a wutsiya. Ka sa auf a gurbinta, taga ta buɗe. Wato mai sauraro bai san abin da ake so ya yi ba sai an kai kalmar ƙarshe. Haka Hör zu! ke nufin "saurara", alhali Hör auf! na nufin "daina". Malamin da ya rikita su a aji zai sha dariya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin kalmar a haɗe, a ce Zumach das Fenster, ko a manta da guntun gaba ɗaya. Mach das Fenster ba tare da zu ba kamar ka ce wa mutum ya ƙera taga ne.

Ba kowane ɗafi ne ke rabuwa ba. Irin su be-, ver- da er- a manne suke har abada, shi ya sa ake cewa Bezahlen Sie, "ku biya", da Vergiss das nicht, "kar ka manta". Kunne ne ke raba gardama: idan nauyin murya ya faɗa kan ɗafin, kamar auf a aufmachen, to mai rabuwa ne. A bezahlen kuwa nauyin yana kan zah.

Umarni tsirara yana da kaushi a kunnen Bajamushe, don haka suke jefa bitte, "don Allah", ko 'yar kalmar mal mai sassauta magana: Komm mal her! A alluna da sanarwar tasha kuwa ba a damu da du ko Sie ba, ana barin aikatau a haɗe yadda yake a ƙamus. Fasinjan jirgin ƙarƙashin ƙasa a Berlin yana jin Einsteigen bitte idan lokacin shiga ya yi, sannan Zurückbleiben bitte kafin ƙofofi su rufe.