Dabbar da ake kira kifi alhali nono take shayarwa

Da yawanmu muna kiransa kifin wel, amma sunan nan kuskure ne da ido ya jawo. Kifi yana tace iskar numfashinsa daga cikin ruwa. Wel kuwa huhu gare shi irin namu, dole ya taso ya shaƙi iska ta hancin da ke tsakar kansa, in ba haka ba ruwa ya cinye shi. Jininsa ɗumi ne, macen tana haihuwar ɗa rayayye ta shayar da shi. A cikin dabbobin da ke raye yau, dorina ce 'yar uwarsa mafi kusa.

Shayarwa a cikin teku aiki ne mai wuya, domin jaririn ba shi da leɓen tsotso irin na ɗan maraƙi. Kan nonon uwar yana ɓoye cikin wasu tsagu biyu a ƙasan cikinta. Idan jaririn ya kama, sai ta matse tsokar wurin ta tura masa nonon cikin baki. Nonon yana da kauri, maiƙonsa kan kai kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, inda na saniya bai wuce kashi 4 ba. Shi ya sa jaririn shuɗin wel, mafi girman dabbobin duniya, ke ƙara nauyin kusan kilo 90 kowace rana.

Nutsonsa ya fi ba da mamaki. A 2014 masu bincike suka bayyana cewa wani nau'in wel mai tsinin baki ya kai zurfin mita 2,992 a gaɓar Kalifoniya. Mutum zai ɗauka girman huhu ne sirrin, amma a can ƙasa nauyin ruwa yana matse huhun har ya lotse. Ajiyar iskar oksijin tana cikin jini da tsoka, inda wani sinadari mai suna miyogilobin ke riƙe ta, shi ne ma ke sa namansa ya yi duhu. Bugun zuciya yana raguwa ƙwarai, jini ya koma ga ƙwaƙwalwa da zuciya, sauran gaɓoɓi su yi ta maneji. Lotsewar huhun ma kariya ce, tana hana iskar naitirojin cika jini.

Wannan tsari yana iya rushewa. A watan Satumba na 2002, wel 14 masu tsinin baki suka faɗo gaɓar tsibiran Kanari jim kaɗan bayan atisayen sojojin ruwa da suka yi amfani da na'urar sona mai tsananin ƙara. Da aka feɗe gawarwakin, an tarar da kumfar iska a jijiyoyi da gaɓoɓinsu, irin ciwon da ke kama ɗan Adam mai nutso idan ya taso da gaggawa. Masana sun fi karkata ga cewa firgici ne ya dagula musu tsarin nutso. A 2004 gwamnatin Sifaniya ta hana amfani da irin wannan na'ura a kewayen tsibiran.