Layin da bai taɓa ɗigo ko ɗaya ba, amma aka zaɓe shi

A ɗauka manoma uku ne masu gonaki daidai wa daida. Na farko ya zuba buhun taki 1 ya samu buhun masara 8, na biyu ya zuba 2 ya samu 20, na uku ya zuba 3 shi ma ya tashi da 20. Idan malamin gona ya sa waɗannan alƙaluma a takardar zane, taki a kwance, masara a tsaye, zai ga ɗigo uku da babu miƙaƙƙen layin da zai ratsa su duka. Dole ya zaɓi layin da ya fi kusa da su. To amma da wane ma'auni ake auna kusancin?

Kowane layi hasashe ne, kuma tazarar da ke tsakanin hasashensa da abin da gona ta bayar ita ce giɓi. A tsaye ake auna shi, wato da buhunan masara. Tara giɓin haka kawai ba ya aiki, domin na sama da na ƙasa suna cinye juna, har layin banza ya tashi da sifiri.

Mafita biyu ce. Ko a tara girman giɓin ba tare da kula da sama ko ƙasa ba, ko kuma a ninka kowane giɓi da kansa, wato a ɗauki murabba'insa, sannan a tara.

Ga layi biyu a gwada. Na farko, y = 2 + 6x, yana hasashen 8, 14, 20. Ya dace da gona ta farko da ta uku cif-cif, ya bar ta biyu da giɓin 6. Jimillar girma 6 ke nan, jimillar murabba'i kuwa 36. Na biyu, y = 4 + 6x, yana hasashen 10, 16, 22. Bai dace da ko gona ɗaya ba, giɓinsa 2, 4, 2 ne. A ma'aunin girma ya sha kaye, domin ya tara 8. A ma'aunin murabba'i kuwa 4 da 16 da 4 sun ba da 24, kuma babu wani miƙaƙƙen layi da zai sauka ƙasa da haka. Shi hanyar mafi ƙarancin murabba'i take zaɓa. Dalilin a bayyane yake: giɓin 2 yana cin maki 4, na 6 yana cin 36, saboda haka hanyar ta gwammace ta raba wa kowa kaɗan-kaɗan a kan ta jibga wa gona ɗaya.

Ba da lalube ake gano layin ba, kuma nan ne babban ƙarfin hanyar. Matsakaicin taki 2 ne, na masara 16, layin kuma dole ya bi ta wannan ɗigo. Don samun gangararsa, ana ninka nisan kowace gona daga matsakaicin taki da nisanta daga na masara: (−1 × −8) + (0 × 4) + (1 × 4) = 12. Sai a raba da jimillar murabba'in nisan taki, wato 2, a samu 6. Kowane ƙarin buhun taki yana tafiya da buhun masara 6. Lissafin da SLOPE da INTERCEPT suke yi a Excel ke nan.

Wannan sauƙi ya taimaka mata ƙwarai a zamanin da ake lissafi da alƙalami. Roger Boscovich ya riga ya gabatar da hanyar tara girman giɓi tun 1757, yana nazarin siffar duniya, sai dai warware ta na da wuya, wani lokaci ma layuka da dama kan yi kunnen doki. Adrien-Marie Legendre ya wallafa ta murabba'i a 1805. Carl Friedrich Gauss, wanda ya ce yana amfani da ita tun 1795, ya ƙara mata hujja a 1809: idan kurakuran awo suna bin rabon nan mai siffar ƙararrawa, ƙanana da yawa, manya jefi-jefi, layinta ne ya fi dacewa da abin da aka gani.

Inda ba haka ba, tsoron babban giɓi yakan zama rauninta. A ce mai shigar da bayanai ya rubuta 50 maimakon 20 a gona ta biyu. Nan take layin murabba'i zai haura da buhu 10, ya koma hasashen 20, 26, 32, ya yi wa manomin da ya samu 8 alƙawarin 20. Layin girman giɓi kuwa ko gezau, yana nan a 8, 14, 20, kamar yadda lambar tsakiya ba ta damuwa da baƙuwar lamba guda alhali matsakaici yana bin ta.

Shi ya sa bai kamata a karɓi layi ba a duba giɓinsa ɗaya bayan ɗaya ba. A wannan misali za a ga −12, 24, −12, kuma giɓin buhu 24 a inda ake girbin 8 zuwa 20 ya isa ya sa a koma littafin gona a tantance. Idan kuskuren rubutu ne, a gyara. Idan kuwa da gaske gonar ta ba da 50, ba a share ta don ta ɓata layi, sai a binciki abin da ya bambanta ta, ko iri ne ko ban-ruwa, a shigar da shi cikin lissafin.