Kafin Ka Tura Hoton Biki, Duba Inda Ya Nuna

Duk hoton da wayarka ta ɗauka yana iya ɗauke da ɓoyayyen rubutu: rana, lokaci, irin wayar, da lambobin taswira na wurin da ka tsaya. Idan ka tura wa baƙo asalin hoton sunan jaririnka ta imel, ka ba shi kwatancen gidanka ke nan.

Haɗa fuskoki kuwa wata hanya ce daban. Google Photos yana auna siffar kowace fuska, ya mayar da ita jerin lambobi, sannan ya tara hotunan da lambobinsu suka yi kusa. Bai san sunan kowa ba sai ka rubuta. Shi ya sa yake gwama Hassana da Husaina, ko ya raba mutum ɗaya gida biyu saboda tsufa ko duhu.

A saitin manhajar, kashe Face Groups yana goge rukunonin da sunayen da ka sa, amma hotunan suna nan. Kashe alamar wuri a kyamara kuma sababbin hotuna kaɗai yake karewa. Tsofaffin suna riƙe da nasu. Don haka ka duba bayanan hoto kafin ka tura.