Wasiƙar neman diyyar inshora bayan gobarar shago

Wasiƙar neman diyya ita ce takardar da mai shago yake rubuta wa kamfanin inshora bayan gobara, don a biya shi asarar da ya yi. Ana fara ta da lambar yarjejeniyar inshora, da adireshin shagon, da rana da lokacin da wuta ta tashi. Jinkiri na iya ɓata magana, domin kowace yarjejeniya tana da wa'adin kai rahoto.

Lissafin asara shi ne ƙashin bayan wasiƙar. Ana raba hajar sayarwa da kayan aiki, kuma kowane abu da layinsa: suna, adadi, kuɗi. Mai shagon atamfa ba zai rubuta "kaya masu yawa" ba, sai dai ya ce turmi 200, kowane naira 10,000, jimla naira 2,000,000. Farashin sari ake sawa, ba na sayarwa ba, domin inshorar gobara asara take mayarwa, ba riba ba. Janareta da fanka kuwa, akan rage musu kuɗi gwargwadon tsufansu.

Wani tarko yana nan. Idan hajar shagon ta naira miliyan 10 ce, amma ta miliyan 5 aka yi wa inshora, kamfani kan biya rabin asarar ne kawai.

A ƙarshe ana jera shaidun da aka haɗa: rahoton hukumar kashe gobara, rahoton 'yan sanda, hotuna, rasidai, da takardar bayanin asusun banki. Idan rasidai sun ƙone, ana neman kwafi wajen dilolin da aka sari kaya. Kada a share shagon kafin mai ƙiyasin asara na kamfanin ya zo ya gani da idonsa.