Daga Magariba Zuwa Sha Ɗaya: Tallar Da Mai Shago Zai Karanta

Mai shagon tireda ba a zaune yake karanta saƙo ba. Yana auna wa wata sukari, yaro na jiran canji, waya ta yi ƙara, ya leƙa da ido ɗaya. Abin da ya gani a layin farko, tun kafin ya buɗe WhatsApp, shi zai sa ya buɗe ko ya mayar da wayar aljihu.

A ce kana sayar da ƙaramar sola ta haska shago. Yawancin 'yan kasuwa abin da ke jikin kwali suke kwafewa su tura: batir 60Wh, ƙwan fitila uku 3W kowanne, ramin cajin waya biyu, garanti na shekara ɗaya. Duk gaskiya ne, amma ka bar wa mai shago aikin lissafi, shi kuwa lissafin da ke gabansa ya ishe shi.

Dabarar ita ce ka ɗauki siffa ɗaya ka yi ta tambayarta: "To, sai me?" Batirin yana ɗaukar 60Wh. To, sai me? Ƙwai uku masu wat uku-uku suna jan wat tara, ka raba 60 da tara ka sami awa shida da minti arba'in. A nan mutane da yawa ke tsayawa su rubuta "kusan awa bakwai", kuma a nan rigima ke farawa. Batir ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa. Idan ka cire kashi 20 cikin ɗari don asara da tsufa, saura 48, wato awa biyar da 'yan mintoci. Mai shago kuma dole zai saƙala wayarsa, cajin zai iya cinye kamar 12. Saura 36, awa huɗu ke nan cif.

Sake tambaya: awa huɗu, sai me? Yanzu ka bar kwali ka shiga shagon. Bayan sallar magariba ake aiko yara sayen burodi, madara, ganyen shayi da maganin sauro. In an ɗauke wuta, ko dai ya tayar da janareta ya ƙona fetur, ko ya yi ta lalube da tocilan waya, ko ya rufe masu saye su wuce gaba. Awa huɗun nan, daga bakwai zuwa sha ɗaya, su ne amfanin. Sai saƙon ya zama haka:

"Alhaji, ko an ɗauke wuta, shagonka zai kasance da haske daga magariba har sha ɗaya na dare, ba fetur. Fitila uku ne, da wurin cajin waya. In kawo ka gwada yau da dare?"

Lura cewa siffofin ba su ɓace ba, sun koma baya ne suna zama shaida. Garanti kuwa a ajiye shi sai ya tambaya.

Me ya sa amfani ɗaya kawai? Domin na ga masu talla suna jin kamar asara ce su bar sauran, sai su ƙara da cewa tana rage kashe kuɗi, ba hayaƙi, ba ƙara, yara za su yi karatu. Mai karatu a tsaye ba ya riƙe abu biyar. In ka ba shi biyar, da ƙyar ya tafi da ko ɗaya. Zaɓin kuma ya danganta da wanda kake yi wa magana. Mai shayi da ke kaiwa tsakar dare awa huɗu ba za su ishe shi ba, gara ka faɗa masa gaskiya ka nuna masa babba. Wanda ke rufewa da la'asar ba haske ne damuwarsa ba, cajin waya ne, don ya riƙa ganin alat ɗin masu tura kuɗi. Kada kuma ka zarce da "sai me" har ka kai ga "cinikinka zai ninka". Wannan ba a hannunka yake ba, kuma ya sani.

In ta SMS za ka tura, akwai wani tarko. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ, ɗ ko ɓ ko guda ɗaya, sai ya koma 70, dogon saƙo ya rabu gida-gida, kuɗin turawa ya ƙaru.

Amsar da ta dawo za ta nuna maka inda ka tsaya. In ya ce "Me take yi?", har yanzu kwali kake karanta masa. In ya ce "Anya kuwa?", alkawarin ya yi masa girma, sai ka kai masa ya kunna da magariba ya duba agogo da kansa. In ya ce "Nawa ne?", saƙon ya shiga. Kafin ka karɓi kuɗinsa, ka gaya masa cewa a watan Agusta, ranar da hadari ya rufe rana, batirin ba zai cika ba, hasken na iya ɗaukewa tun ƙarfe tara.